An kai, ana kai, za a kai: yadda ake juya jimlar Turanci

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: "A gafarta Malam, ina shirin jarrabawar WAEC. In aka ce in juya jimla daga *active* zuwa *passive*, sai in rasa inda zan sa *was*, inda zan sa *being*, da inda zan sa *been*. Shin muna da irin wannan a Hausa, ko zan gane ta nan?"

'Yata, muna da abin da zai buɗe miki ƙofar, ko da yake ginin harsunan biyu ya bambanta. Bahaushe in yana so ya faɗi abin da ya sami wani abu ba tare da ya ambaci wanda ya aikata ba, sai ya ce an kai awaki kasuwa, ana kai awaki kasuwa, za a kai awaki kasuwa, akan kai awaki kasuwa. Ki lura, "kai" bai motsa ba ko sau ɗaya. 'Yar kalmar da ke gabansa ce take gaya miki ko aikin ya wuce, ko yana gudana, ko sai nan gaba. Karin maganarmu cike yake da wannan gini: ba a fafe gora ranar tafiya, in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Babu wanda ya damu da sanin wa ke fafewar.

Turanci ma haka ya raba aikin gida biyu. Aikatau yana zaunawa a siffarsa ta uku, wato *taken* a jerin *take, took, taken*, kuma ba ya sauyawa ko wane lokaci ake magana a kai. Kalmar *be* ce take ɗaukar nauyin lokaci, kamar yadda an, ana da za a suke yi mana.

Mu ɗauki jimla ɗaya mu bi ta: *Audu takes the goats to the market.* Audu shi ne aikau, awaki su ne karɓau. Za ki ɗauko karɓau ki kawo shi farkon jimla, sannan ki dubi siffar da aikatau yake ciki a jimlar asali, ki sa wa *be* wannan rigar daidai, ki biyo da *taken*. A nan aikatau yana lokaci sabau, abin da aka saba yi, don haka sai *is* ko *are*. Wanne daga ciki? Audu mutum ɗaya ne, amma yanzu ya sauka daga kujerar gaba, awaki ne a kanta, su kuwa jam'i ne. Amsar ita ce *The goats are taken to the market by Audu.* Yara da yawa suna faɗuwa a wannan wurin saboda idonsu yana kan Audu, sai su rubuta *is*.

In jimlar ta zo da *took*, aikin ya shuɗe, sai *be* ya bi shi can ya zama *were taken*. In ta zo da *will take*, aikatau tsirararsa yake bayan *will*, sai *be* ma ya zo tsirararsa: *will be taken*. Haka *can*, *must* da *should* suke, babu wani sabon abu a cikinsu.

Inda ya fi kamata ki tsaya shi ne tsakanin kalmomin nan biyu da suke yaudarar kunne, *being* da *been*. Ki dubi wutsiyar aikatau na asali. A *Audu is taking the goats*, aikatau ya ƙare da *-ing*, don haka *be* ma zai ɗauki *-ing*: *The goats are being taken.* Wannan shi ne "ana kai awaki", yanzu haka suna kan hanya. In kika yar da *being*, jimlar ba za ta zama ɓatacciya a nahawu ba, amma kin sauya lokacinta, kin koma "akan kai", kuma mai duba takarda zai soke ta. A *Audu has taken the goats* kuwa, aikatau yana siffa ta uku bayan *has*, sai *be* ma ya shiga tasa siffar ta uku: *The goats have been taken.* Hanyar gane kuskure mai sauƙi ce. Kalmar *been* tana bin *has*, *have* ko *had* ne, ita kuma *being* tana bin *am*, *is*, *are*, *was* ko *were*. Duk inda kika ga *have being* ko *are been* a takardarki, ki san hannu ya zame. Da wannan za ki juya *was taking* zuwa *were being taken*, ki juya *had taken* zuwa *had been taken*, ba tare da haddace jadawali ba.

Sai dai kada ki jingina da Hausa gaba ɗaya, don akwai wurare biyu da kamannin yake ƙarewa. Na farko, "an" ɗinmu yana ɗaukar abin da Turanci ya raba biyu. Muna cewa an kai awaki jiya, muna kuma cewa an kai awaki, ma'ana an riga an kai su, ba sa gida. Turanci yana ba na farkon *were taken*, na biyun *have been taken*. Idan akwai kalmar da ta kafa lokacin da ya wuce, irin su *yesterday* ko *last year*, to *was* ko *were* ne, ba a haɗa ta da *have been*.

Na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi ne ya fi damuna in na gani a rubutun yaranmu. A Hausa "an" yana shiga ko da aikatau ƙi-karɓau ne: an zo, an tafi, an yi dariya, an mutu. A Turanci dole sai da karɓau da za a ɗauko a kawo gaba. Aikatau irin *die*, *arrive* da *happen* ba su da shi, don haka ba sa juyuwa. Daga nan *he was died* da *the accident was happened* suke fitowa, kuma duka biyun kuskure ne. Daidai shi ne *he died* da *the accident happened*. Kafin ki taɓa jimla, ki tambayi aikatau "me?" ko "wa?". Audu ya kai me? Awaki. Ya mutu me? Babu amsa, sai ki bar jimlar yadda take.

Game da *by Audu*, mu ba ma liƙa mai aikin a bayan "an". In muna son sunansa sai mu ce Audu ne ya kai su. Turanci ya yarda a saka shi a ƙarshe, amma wakilin suna yana sauya siffa, *he* ya zama *by him*, *they* ya zama *by them*. In aikau ɗin *someone* ne ko *people*, a yar da shi: *Someone stole my phone* zai koma *My phone was stolen*, daidai da "an sace min waya".

Muna kuma da wani ginin da ya fi kusa da na Turanci ta fuskar kujerar gaba, wato aikatau masu ƙarewa da -u, waɗanda suke aji na bakwai a rabe-raben aikatau na masanin Hausa Parsons: nama ya dafu, mota ta gyaru, igiya ta ɗauru. A nan abin da aiki ya faɗa wa shi ne a farkon jimla. Amma ma'anarsu ta ƙunshi ƙari, cewa aikin ya yi sosai, ko kuma yana yiwuwa. Shi ya sa "motar nan ba ta gyaruwa" ba ta tsaya kan *is not repaired* ba. Turancinta shi ne *This car cannot be repaired*, da *be* tsirararsa bayan *cannot*, da *repaired* a siffa ta uku.