Ɗaga Ƙarfe da Juna Biyu: Likita Ta Amsa Tambayoyinku

Likita, shekara 2 ina ɗaga ƙarfe, ina tsuguno da kilo 40. Yanzu cikina wata 2 ne, surukata ta ce in daina. In daina ne? — Daga Kano

'Yar'uwa, a fara da awo. Idan an duba babu zubar jini, babu hawan jini ko ƙarancin jini mai tsanani, ki ci gaba, tunda jikinki ya saba. A watanni 3 na farko laulayi ne mai ba da umarni: ranar da amai ya hana ki cin abinci, ki huta. Ki rage nauyin zuwa kamar kilo 30, wanda za ki ɗaga sau 10 zuwa 12 ba tare da yunƙuri irin na naƙuda ba. Kada ki riƙe numfashi, ki fitar da shi yayin miƙewa. Idan kin kasa yin magana ana cikin yi, nauyin ya yi miki yawa. A zafinmu kuwa, da sassafe za ki yi, da ruwa a kusa. Ita kuma Hajiya, ki tafi da ita awo ta ji da kunnenta.

Na shiga wata 5. In na kwanta rigingine a benci ina tura ƙarfe sai jiri ya ɗebe ni. — Daga Maraɗi

Mahaifa ce ta yi nauyi, take danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, shi ya sa jiri da tashin zuciya. Da kin ji haka ki juya ɓarin hagu, zai wuce. Daga wajen mako na 16 zuwa 20 ake barin doguwar kwanciyar rigingine. Ki ɗaga kan bencin ya zama a kishingiɗe kike, ko ki yi a zaune.

Akwai wani abu da nake so ki duba. Lokacin yunƙuri, ki kalli tsakiyar cikinki. Idan ya yi tudu a tsaye daga cibiya zuwa sama, naman ciki ne ke buɗewa, matsin ya fi ƙarfinsa. Ki rage nauyi, ki kuma bar atisayen tashi zaune daga kwance.

Matata tana wata 8, ta ƙi ajiye ƙarfe. — Daga Zariya

Malam, ba sai ta ajiye ba, salo za ta sauya. Ciki ya turo gaba, gaɓoɓi sun yi laushi, faɗuwa ce abin tsoro yanzu. Ta bar dogon sandan ƙarfe da ke gogar ciki, ta koma ƙananan na hannu, ta ware ƙafafu tana tsuguno har ta taɓa kujera. Ɗigar fitsari ko ciwon ƙugu na nufin a sake ragewa. Amma jini, fashewar faya, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ciwon ƙirji ko raguwar motsin jariri, waɗannan a ajiye komai a nufi asibiti nan take.