In aka yi babban rashi, ta ina ake fara tsayar da saƙonni?

"Maigida, shafuka shida na sada zumunta nake riƙe wa mutane, kowanne na jera masa saƙonnin mako guda da za su riƙa fita da kansu. In aka wayi gari da babban rashi a ƙasa, akwai wuri ɗaya da zan danna su tsaya gaba ɗaya, ko gogewa zan bi ina yi?"

Ɗana, kada ka goge komai. Tsayarwa ake yi, don aikin mako guda ne, kuma za ka neme shi bayan makoki. Maɓalli ɗaya kuwa bai kashe duka, domin saƙonninka ba ta ƙofa ɗaya suke fita ba.

Ni da kaina na sha wannan darasi ran Litinin 8 ga Nuwamba 2021, ranar da gobara ta tashi a azuzuwan zana nan Maradi, ta ci yara ƙanana fiye da 20. Kwana ɗaya kafin nan ramin zinariya ya rufta da mutane wajen Ɗan Isa. Ina riƙe da shafin wani mai shagon kayan yara a lokacin. Da labari ya iso ni, na buɗe jerin saƙonninsa na tsayar, na ce shi ke nan. Da la'asar sai ga shi ya kira ni, muryarsa na rawa: hoton jakunkunan makaranta da yara suna dariya yana ta bin mutane a waya. Ashe talla ce ta kuɗi, jaka biyu kowace rana, wadda na kunna tun ran Juma'a na manta da ita. Wata mata ta rubuta a ƙarƙashi, "Ku ji tsoron Allah." Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

To ga yadda nake yi tun daga ranar. Da farko ina duba agogo, in nemo saƙon da ya fi kusa da fita cikin dukan shafukan, in fara da shi. In rezo ya yi rauni, wanda zai fita bayan minti 10 shi ne abin tsoro, na jibi yana iya jira. In da manhajar Buffer ka jera, akwai maɓallin tsayarwa, Pause Queue, amma kowane shafi da nasa, kenan sau shida za ka danna. Abin da ka jera kai tsaye cikin Meta Business Suite kuwa Buffer bai san da shi ba. Can sai ka shiga Scheduled, ka mai da saƙonnin Drafts. Ka duba na Facebook, ka duba na Instagram, har da Stories da Reels, nan ne ido ya fi tsallakewa.

Daga nan sai Ads Manager, wurin sarrafa talla, inda na faɗi. Kashe kowace talla a matakin Campaign, har saƙon da aka yi wa Boost, don shi ma talla ne. Talla ce ta fi haɗari, tun da ba ta jiran sa'a, kuma tana shiga wayar wanda bai taɓa bin shafinka ba, wataƙila wanda ke zaune a gidan gaisuwa. In mai shago ne ya biya da kansa daga tasa wayar, ba lalle ka gan ta ba, sai ka kira shi. Kuma kada ka tsaya neman izini kafin ka tsayar: tsayar tukuna, sannan ka sanar. Wannan yarjejeniya ina ƙulla ta da kowa tun ranar da na karɓi shafinsa.

In ka gama, kada ka yarda da abin da allonka ya nuna maka. Jira lokacin da saƙon farko ya kamata ya fita, ka karɓi wayar wani ka leƙa shafin.

Sake buɗewa ma tana da nata tarko. Bayan gobarar an yi zaman makoki na kwana uku a jihar Maradi, amma ƙarewar kwanakin ba ita ce ke ba ka hanya ba. Karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce "rangwame sai yau" ya mutu, a sake masa rana ko a bar shi. Waɗanda lokacinsu ya wuce ka ba su sabon lokaci da hannunka, kada su zubo a tare. Na mai shagon nan da sanarwar lokacin buɗe shago na fara, ba kiɗa, ba hoto. Hoton jakunkunan kuwa ban sake sa shi ba.

Yau da dare ka samo takarda, ka rubuta shafukan nan shida, gaban kowanne ka sa inda saƙonninsa ke fita da wanda ke riƙe da tallarsa da lambarsa. Gobe da safe ka kawo mini, in riƙe agogo mu ga minti nawa za ka yi kafin ka tsayar da duka.