Na cire monita, hoton kwamfutar ya tsuke: me ya jawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a ƙauyenmu kusa da Ringim, da sola muke aiki. Na cire monitar kwamfuta ɗaya don batir ya riƙa kai mu dare, ina shiga ta daga Dutse da AnyDesk. Tun daga ranar hoton ya koma ɗan ƙarami, wani lokacin ma baƙi ƙirin. An ce in sayi wani ɗan filogi in soka a bayanta. Me zai yi, tunda ba monita ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya ba ka shawarar nan ya san abin da yake faɗa. Kwamfutarka lafiyarta lau, kuma ba laifin netwok ba ne.

AnyDesk ba ya zana maka allo. Shi da TeamViewer da RustDesk da Chrome Remote Desktop duk hanyarsu ɗaya: suna ɗaukar hoton abin da kwamfutar ta riga ta zana don monita, su matse shi, su aiko maka ta intanet. In abin da aka zana babba ne, babba za ka gani. In ƙarami ne, ƙarami zai iso. In ba a zana komai ba, sai ka ga baƙi. Saboda haka abin tambaya shi ne yadda kwamfuta take yanke girman abin da za ta zana.

Ba ita take yankewa ita kaɗai ba, monita take tambaya. A cikin kowace monita akwai wata 'yar ayisi da ke riƙe da ɗan bayani ana kiransa EDID. Asalinsa bait 128 ne kacal, sababbin monitoci kan ƙara wasu 128 a kai. A ciki an rubuta sunan kamfanin da ya ƙera ta, da faɗinta da tsayinta, da jerin girman hoton da take iya ɗauka, da wanda ta fi so a cikinsu, misali 1920×1080 sau 60 a daƙiƙa. Idan ka soka wayar HDMI, kwamfuta tana tura wuta bolt 5 ta ƙafa ta 18. Monita ta mayar da alama ta ƙafa ta 19, wato tana cewa ga ni nan. Daga nan sai katin hoto, wato ɓangaren kwamfutar da ke zana allo, ya karanto EDID ta ƙafa ta 15 da ta 16. Jerin da kake gani a Windows ƙarƙashin Display resolution, mafi yawansa daga wannan karatun ya fito.

Kamar tela ne da aka kawo wa yadi ba a kawo awo ba: ko dai ya ɗinka 'yar ƙaramar riga bisa kintace, ko ya ajiye yadin ya jira. Kwamfutar da ba ta ji amsa a ƙafa ta 19 ba ita ma ɗayan biyun take yi. Wata ta koma girman da kusan kowace monita a duniya za ta karɓa, 1024×768, ko ma 800×600 ko 640×480, kuma ta kulle wurin zaɓin ya yi toka-toka ba ya dannuwa. Wata kuma direban katin hotonta, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ya ga babu wanda za a zana wa, sai ya kashe fitar hoton gaba ɗaya. Shi ya sa kake ganin alamu biyu. Akwai ma ta uku da ba ka ambata ba amma za ka iya cin karo da ita: fuskar Windows ta fito, amma burauza ko manhajar zane ta buɗe fari fat ko baƙi, domin su da katin hoto suke zana kansu.

Filogin da aka ce ka saya bai fi kan yatsa ba. Cikinsa babu allo, babu komai sai wannan 'yar ayisin mai riƙe da EDID da ɗan haɗin da ke mayar da alama ta ƙafa ta 19. Kwamfuta ta tambaya, ya amsa da cewa shi monita ne mai ɗaukar kaza da kaza, ita kuma ba ta da hanyar gane ƙarya yake yi. Sai ta tashi katin hoto, ta zana cikakken allo, AnyDesk ya samu abin ɗauka. Wutar da yake ci daga bolt 5 ɗin nan ce, ba ta kai a lissafa ba, alhali monita mai inci 19 zuwa 22 takan ja wat 20 zuwa 30. Monitar da ke jan wat 25 na awa goma ta cinye wat-awa 250 ke nan a yini, don haka dabararka ta cire ta ba ta banza ba ce.

Kafin ka kashe ko sisi, yi gwaji biyu. Na farko, mayar da wayar monitar jikin kwamfutar amma ka bar monitar a kashe. Monitoci da yawa na HDMI da VGA suna ci gaba da ba da EDID ko a kashe suke, don ayisin tana samun wuta ta wayar hoton. Ba duka ba ne, kuma na DisplayPort sun fi yawan ɓacewa da zarar an kashe su. In taka tana cikin masu amsawa, kuma ba ka ba wata kwamfutar ita ba, magana ta ƙare a nan.

Na biyu ya fi muhimmanci. Buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Display adapters. Idan ka ga sunan Intel ko AMD ko NVIDIA, to madalla. Idan kuwa abin da ke wurin shi ne Microsoft Basic Display Adapter, direban katin hoton ne ba a sa ba, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutocin da aka yi wa sabon Windows a gurguje. A wannan hali ko ka soka filogi goma hoton na iya zama a tsuke. Direba za ka fara sawa.

In ka tashi saye, juya kwamfutar ka dubi bayanta tukuna. Nan ne mutane suka fi yin asara. Tsofaffin kwamfutocin ofis da suka cika shaguna irin naka, da yawansu ba su da HDMI sam, VGA ce mai shuɗi da DisplayPort. Ramin DisplayPort ya yi kama da na HDMI, amma kusurwa ɗaya ce kawai aka datse masa, na HDMI kuwa biyu. Ɗauki hoton bayan da waya ka nuna wa mai shago a kasuwar Fam Santa ta Kano, ko ka nemi `HDMI dummy plug` ko `DisplayPort dummy plug` gwargwadon ramin da kake da shi. Kuma in kwamfutar tana da katin hoto na daban, can ƙasa inda ramukan suke kwance, a jikinsa za ka soka, ba a ramin madabod na sama ba, domin sau da yawa na saman a kashe yake muddin katin na nan.

Mai VGA kaɗai yana da wata tsohuwar dabara da kowane mai gyaran rediyo zai iya haɗawa: razista uku masu om 75, ɗaya tsakanin ƙafa ta 1 da ta 6, ɗaya tsakanin ta 2 da ta 7, ɗaya tsakanin ta 3 da ta 8. Katin zai ji nauyi a layin ja da kore da shuɗi, ya ɗauka monita ce. Sai dai babu EDID a ciki, don haka girman da zai ba ka ya danganta da direba. Ni ban cika son ta ba sai in babu yadda za a yi.

To, a ce ka samu filogin ka soka. Ga inda zan ja maka kunne. Yawancinsu an rubuta 4K a jiki, kuma wasu da zarar an soka sai Windows ya haye 3840×2160, ya kuma ɗaga Scale don rubutu ya karantu. Wannan ɗigo 8,294,400 ke nan a kowane hoto. Na 1920×1080 ɗigo 2,073,600 ne, wato rubu'insa. Na 1280×720 kuwa 921,600. Duk ɗigon da ya canza sai tsohuwar kwamfutar ta matse shi, sannan ya bi ta netwok ɗin ƙauye, wanda dama ƙarfinsa wajen aikawa bai kai na saukewa ba. In ka bar shi a 4K za ka motsa mawus ka jira, data ta riƙa zuba, sai ka ce gara jiya.

Abin yi shi ne ka daidaita shi da allon da ke gabanka a Dutse. Shiga Settings, sai System, sai Display. In laftof ɗinka 1366×768 ce, zaɓi wannan in yana jerin, in ba ya nan ka ɗauki 1280×720. In 1920×1080 ce kuma netwok na da kyau, zaɓi shi, ranar da sabis ya yi rauni ka sauko. Mayar da Scale zuwa 100%. Windows yana tuna saitin kowace monita ta EDID ɗinta, saboda haka ko wuta ta ɗauke ta dawo zai koma inda ka bar shi, in dai filogin na rami ɗaya.

Ranar da ka je gida ka jona monitar gaske alhali filogin na soke a wani ramin, kwamfutar za ta ga monita biyu. Sai yaron shago ya buɗe fayil ya neme shi ya rasa, ashe ya tafi allon da babu shi. Ko ka zare filogin, ko ka danna Win+P ka zaɓi Duplicate.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar filogi ko kaɗan. Remote Desktop na Windows kansa ba kwafar allo yake yi ba, sabon allo yake ƙirƙira da girman na'urar da ka shigo da ita, monita ko babu monita. Amma sai kwamfutar shagon tana da bugun Pro, don Home ba ya karɓar shiga. Yana kuma kulle allon wanda ke zaune a shagon, sannan isa gare shi daga Dutse ta layin waya yana bukatar VPN, tunda layukan waya ba kasafai suke ba ka adireshin da za a same ka daga waje ba. Haka nan akwai direbobin monitar bogi da ake sawa a Windows 10 da 11, suna aikin filogin ba tare da an soka komai ba. Suna aiki, amma in sabuntawar Windows ta rikita direban kana nesa, sai ka hau mota. Filogi ba ya sabuntawa, shi ya sa ga shago irin naka na fi karkata gare shi.

In kwamfutar Linux ce, ana iya tilasta mata ta ɗauka akwai monita da wannan ƙari a layin kunna kanel:

```
video=HDMI-A-1:1920x1080@60e
```

Harafin `e` na ƙarshe shi ke cewa a kunna ramin ko ba a ji komai a jikinsa ba. Sunan ramin yakan bambanta, duba naka a `/sys/class/drm`, ka cire `card0-` ko `card1-` na farkon sunan kafin ka rubuta.