Saƙon tunatarwa kan zakkar fidda kai

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ke kula da zauren WhatsApp na ƙungiyarmu a Jidda. Yaya zan tunatar kan zakkar fidda kai ba tare da na kunyata kowa ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya fi yi wa mutane ciwo shi ne jerin sunayen waɗanda suka bayar. Wanda bai ga sunansa ba, tamkar an nuna shi da yatsa ne, kuma a zaurenku ba a rasa wanda albashinsa ya makale, ko wanda shi kansa ya cancanci a ba shi. Ka bar jerin nan gaba ɗaya, har da "wasunmu har yanzu shiru". Ni a ganina wannan ma ta fi zafi.

Ga yadda zan rubuta:

"'Yan'uwa, Allah ya karɓi ibadunmu. Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce ga kowane mutum a gida, har jariri, wato kusan kilo 3 na shinkafa. Ana iya fitarwa kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah, kada dai ta wuce sallar Idi. Wanda ba shi da abin da ya wuce abincin ranar Sallah da darenta, babu komai a kansa. Mai son bayarwa ko karɓa ya tuntuɓe ni a keɓe."

Jimlar ƙarshen nan na haɗa mai bayarwa da mai karɓa da gangan, don duk wanda aka gani yana magana da kai ba a san wanne ne ba. Ka tura ranar 27 ga Ramadan, ka maimaita sau ɗaya daren Sallah, a zaure, ba ga ɗaiɗaikun mutane ba.