Jarka 960 da shanun da ban lissafa ba

"Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni aikin gabatar da bayanin burtsatse mai sola da za mu yi a wani ƙauye. Ranar Talata zan yi wa injiniyoyi a Katsina, ranar Alhamis kuma dagaci da mutanen gari. Silaid 22 na haɗa. In rage su ne kawai in mayar da Hausa, ko yaya ake yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don ramin da na taɓa faɗawa ke nan a wani ƙauye ta wajen Mai'adua. Kada ka rage, kada ka fassara. Ajiye silaid ɗin Talata gefe guda, ka sake gina na Alhamis tun daga tushe. Abin da zai haɗa su kawai shi ne takardar lissafi guda ɗaya, wadda duk lambar da za ta fito daga bakinka a cikinta ka ɗauko ta.

Ga yadda tawa ta kasance. Mutum 1,200 ne a garin, muka ware wa kowa lita 20 a rana, ya zama lita 24,000. Famfo mai tura lita 4,000 a awa, a lissafin awa 6 na rana mai ƙarfi. Tsawon da zai ɗaga ruwan mita 60 ne: 45 daga inda ruwa ke tsayawa idan ana ja, 9 na hasumiyar tanki, 6 kuma na abin da bututu ke cinyewa. Ƙarfin da ruwan kansa ke bukata ya kai wat 650. Da yake kusan rabi yana salwanta tsakanin injin da ke juya famfo da famfon kansa, sai ya koma wajen 1,300, muka sa fanel 6 masu wat 300.

Wannan shi ne abincin injiniyoyi, kuma ba sakamakon suke nema ba, hanyar da ka bi suke so su gani. Kada ka ɓata musu lokaci da cewa ruwa shi ne rayuwa. Fara da sakamakon gwajin rijiya: awa nawa aka yi ana ja, mita nawa ruwan ya sauka, cikin minti nawa ya dawo. Tamu ta ba da lita 5,000 a awa, shi ya sa muka tsaya a 4,000 don kada famfo ya ja iska ya ƙone. Duk abin da zato ka yi ba awo ba, ka faɗa da bakinka cewa zato ne kafin wani ya tono shi. A Katsina an tsare ni kusan minti 20 a kan mita 6 ɗin nan ta bututu, amma da yake na rubuta faɗin bututun da tsawonsa, na fita lafiya.

Ranar ƙauyen ce ta ƙona min rai, har yau ban manta ba. Ogana na lokacin ya ce ba lokacin sake wani aiki, in ɗauki silaid ɗin nan in riƙa fassarawa da baki. Na roƙe shi kwana ɗaya tak, ya ce ai mutanen ƙauye tafi kawai za su yi. Shi ko zuwa bai yi ba. Muka kafa firojekta a gindin darbejiya da hantsi, hasken rana ya cinye hoton, ba abin da ake gani sai farin ƙyalle. Ina ta kilowat da mita, dattawa sun yi shiru irin na girmama baƙo, ni kuma na ɗauka ganewa suke yi. Can sai wani tsoho ya ce, "Yaro, shanunmu fa, a nan za su sha?" Ƙanena, bakina ya bushe. Ban sa dabba ko ɗaya a lissafi ba, kuma a ɗakin injiniyoyi babu wanda ya tambaya. Saboda kunya na ce, "Baba, ruwa zai ishi kowa, ba zai yanke ba." Wannan maganar ita ce ta bi ni. Saniya kan sha wajen lita 30 a rana lokacin zafi, kuma shanun garin sun kusa 200. Lita 6,000 ke nan, kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan yini. Da hunturu ya shigo, hazo ya rufe rana, ƙura ta kwanta a kan fanel babu mai gogewa, tanki ya riƙa ƙarewa kafin la'asar. Mata suka koma tsohuwar rijiya. Da ƙorafi ya kai ofis, ogan nan a gaban mutane ya ce ni ne ban iya bayani ba. Na bar shi da Allah, amma na yi kwanaki ba na iya cin abinci sosai.

Saboda haka ka kiyaye: sauƙaƙa magana daban, yin alkawarin da lissafi bai ɗauka ba daban. Duk sharaɗin da ka gaya wa injiniyoyi, mutanen gari sun fi su bukatar jin sa, don su za su zauna da rijiyar. In da lissafinka irin nawa ne, ka ce musu ranar da rana ta fito sosai za a samu jarka 960 ta lita 25, ranar hazo ko hadarin Agusta kuwa zai ragu, wani lokaci sosai, kuma famfo ba ya aiki da dare, abin da ke tanki shi ne na safe. Ka tafi da jarka ta gaske ka ajiye a gabansu. Gida mai mutum 10 rabonsa jarka 8, wannan kowace uwar gida za ta auna shi da girkinta da wankinta nan take.

Kuma ka tambayi kanka me kake so su yanke kafin a tashi. Injiniyoyi za su ce a yi ko a gyara zane. Mutanen gari kuwa su za su zaɓi mai riƙe makulli, da mai goge fanel da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi, da nawa za a karɓa a jarka don ranar da famfo ya lalace, da ko dabbobi za su sha ko a bar musu tsohuwar rijiya. Waɗannan su ne jigon bayanin Alhamis, wat da mita su zauna a aljihunka. Amma ka tafi da takardar, don da wuya ka rasa malamin makaranta ko yaro mai gyaran sola a cikin taron da zai tambaye ka fanel nawa ne, kuma dole amsarka ta zama ita ce ta ranar Talata.

Na kusa mantawa. Ka je gaida dagaci ranar Laraba, ka ce ranka ya daɗe me mutane suka fi damuwa da shi, ka tambayi yawan dabbobi tun a nan. Ka roƙi a haɗa ka da mata a zaure daban, ko ka tafi da mace abokiyar aiki, domin su ke ɗiban ruwan kuma a dandali ba za su yi magana ba. In ka gama bayani kada ka ce kun gane, kowa zai ce e. Ka ce wa wani dattijo, "Baba, in maƙwabcinka da bai zo ba ya tambaye ka, me za ka gaya masa?" Abin da ya faɗa shi ne abin da ya shiga.

Firojekta kuwa bar shi a ofis, kwali babba da alƙalamin maka sun wadatar. Turo min takardar lissafinka kafin Litinin in duba maka layin dabbobi.