Kati biyu daga karta: wace hanya zan bi?

Tambaya: Malam, ga hoton tambayar da aka ba mu. Karta ce mai kati 52, za a zaro biyu ba tare da an mayar da na farko ba, ana neman yiwuwar samun sarki ɗaya da sarauniya ɗaya. Da na bi ɗaya bayan ɗaya na samu 4/663, ƙawata ta ƙirga ta samu 8/663. Wa ke da gaskiya? Kuma sai na sayi kalkuleta mai maɓallin nCr? (Wata ɗaliba)

Amsa: Ƙawarki ce ke da gaskiya, amma hanyarki ba ta da laifi, rabin aikin kika yi kika tsaya.

Kin ce sarki ya fara fitowa, 4/52, sarauniya ta biyo baya, 4/51 tunda saura kati 51. Wannan ya ba ki 16/2652, wato 4/663. To ai tambayar ba ta ce dole sarki ne zai fara ba. Sarauniya ma tana iya riga shi, kuma yiwuwar hakan ita ma 16/2652 ce. Ki haɗa su, 32/2652, ki rage, sai ga 8/663.

Ita ƙawarki ba ruwanta da wanda ya riga wani. Ta tambayi kanta: kati bibbiyu iri nawa za a iya riƙewa a hannu? 52 × 51 ÷ 2 = 1326. An raba biyu ne domin sarki da sarauniya a hannu abu ɗaya ne ko wanne aka fara ɗauka. A ciki, sarakuna huɗu kowanne da sarauniya huɗu, 16 ke nan. 16/1326 shi ne 8/663.

Ga yadda za ki kama kanki a ɗakin jarrabawa. Idan kin ga 2652 a ƙasa, kina lissafi da jeri, to dole saman ma ya ƙunshi kowane jeri. Idan 1326 ne, ba jeri ko'ina. Sai dai kada ninkawa biyu ta zame miki jiki. Da sarakuna biyu aka nema, 4/52 × 3/51 = 1/221 ne, an gama, domin "sarki sannan sarki" ba shi da wani juyi.

Ni a kati biyu masu bambancin iri na fi son ƙirga, ba ta barin mutum ya manta juyin. Idan kuwa tambaya ta ambaci na farko da na biyu, bi ɗaya bayan ɗaya. Haka ma in ana mayar da kati, don a nan 52 × 52 = 2704 ne a ƙasa, 1326 ba ya aiki. Shi ya sa in hoto aka turo miki, ki tabbata gefensa bai yanke wannan sharaɗin ba.

Kalkuleta kuwa, kada ki kashe kuɗi saboda wannan kaɗai, 52 × 51 ÷ 2 ba ya gagarar biro da takarda. Sai an kai kati biyar, inda adadin ya zama 2,598,960, nCr ke biyan kuɗinsa.