Sayen hannun jarin kamfani: binciken da ake yi kafin a biya kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau. An yi mini tallan wani kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa a kan naira miliyan 400. Na so in sayi fili da injinan kawai, amma mai shi ya ce hannun jarin kamfanin gaba ɗaya zai sayar, wai ya fi sauƙi. Me ya kamata in bincika kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai kamfanin bai yi maka ƙarya ba, akwai sauƙi. Filin yana da sunan kamfani, kuma sunan ba zai canza ba, don haka ba sai an nemi amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta wajabta idan shaidar mallaka za ta koma hannun wani ba. Lambar NAFDAC da ke jikin buhu tana nan, layin wutar KEDCO yana nan, ma'aikata ma haka. Sai dai abin da ya kawo sauƙin shi ne ya kawo haɗarin. A wurin doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, kuma sauya masu shi ba ya goge masa komai. Duk bashin da ya ci, duk harajin da bai biya ba, duk ƙarar da ke jiransa a kotu, suna nan a kansa ranar da ka karɓi makulli. Ba za a zo gidanka a kama ka ba, amma daga aljihun kamfanin da ka zuba wa miliyan 400 za a biya. Shi ya sa ba a cinikin biri a sama.

Ka fara da tabbatar da cewa mai sayarwar shi ne mai abin. Lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, ya ciro rahoton matsayin kamfanin daga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya gwada shi da littafin masu hannun jari da ke ofishin kamfanin. A Kano an saba ganin kamfanin da Alhaji ya yi wa rajista shekaru talatin da suka wuce, ya sa sunan ƙaninsa da uwargida a ba su kashi goma-goma don a cika sharaɗi, kowa ya manta. Idan ƙanin ya rasu, wannan kashi goman gadon 'ya'yansa ne, kuma babu mai ikon sayar maka da shi sai wanda kotu ta ba takardar kula da gadon. Ƙari a kan haka, dokar kamfanoni ta 2020 ta ba kamfani mai zaman kansa damar gindaya sharaɗin cewa sai an fara yi wa sauran masu hannun jari tayi kafin a sayar wa bare, don haka a duba abin da kundin dokokin kamfanin ya tsara. Ka nemi kowannensu ya sa hannu cewa an yi masa tayi ya yafe.

Sai jingina. Doka ta ba kwana 90 a yi wa jinginar kadarar kamfani rajista a CAC, don haka wadda aka yi wa rajista za ta fito a bincike. Amma kada rahoto mai tsafta ya sa ka saki jiki, domin rashin rajista raunana jinginar kawai yake yi, bashin yana nan daram. A bincika fayil ɗin filin a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, a ga sunan wa ke kai, a ga ko ana bin kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Injina kuwa ana duba su a rajistar jinginar kayan da ake iya ɗagawa, wadda Babban Banki ke kula da ita. Sannan ka ce a ajiye maka asalin takardar mallakar filin a kan tebur. In aka kawo hoto, aka ce asalin "yana wurin ajiya", to galibi wurin ajiyar nan banki ne. In kuwa akwai rance, a karanta yarjejeniyarsa, don da yawa suna ba banki damar neman kuɗinsa nan take idan masu kamfani suka canza ba da saninsa ba.

Inda na fi so ka daɗe shi ne bashin da ba ya cikin littafi, don shi ne ke cin mutane. Ɗauki fansho. Dokar 2014 ta ɗora wa kamfani kashi 10 cikin ɗari na albashi, a cire wa ma'aikaci kashi 8, a tura duka asusun fanshonsa. A ce masana'antar tana da ma'aikata 40, kowanne albashin da ake lissafa fansho a kansa naira 80,000 ne. Kashi 18 ya kama 14,400 a kan mutum ɗaya, wato 576,000 kowane wata. In shekara uku ba a tura ba, an tara naira miliyan 20 da dubu 736, kafin a ɗora tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a wata ba. Gane wannan ba wuya: akantanka ya ɗauki takardar albashi ta kowane wata ya nemi shaidar banki cewa kuɗin sun fita zuwa kamfanin fansho. Haka zai yi wa harajin albashi da ake biyan hukumar haraji ta jihar Kano, da kashi 1 na asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Harajin ribar kamfani na tarayya ne, kuma hukuma na iya komawa baya shekara shida ta sake lissafi, in akwai zamba ma babu iyaka. Takardar shaidar biyan haraji ba ta hana wannan, don abin da kamfanin ya faɗa da bakinsa ta dogara da shi.

Akwai kuma bashin baki, wanda kai ka fi ni saninsa. Masana'antar shinkafa tana karɓar shanshera bashi daga dillalai, tana kuma karɓar kuɗin 'yan sari tun kafin a casa, sau da yawa ba tare da ko takarda ɗaya ba. Wannan ba odita zai gano maka ba. Ka yi amfani da mutanenka na kasuwa, a tambaya a hankali wa ke bin kamfanin nan. Cinikin da aka nuna maka ma a auna shi da bil ɗin wuta da kuɗin dizal: injin da aka ce yana aiki dare da rana ba zai sha wutar injin da ke hutu ba. Lauya kuma ya leƙa Babbar Kotun jiha, da ta tarayya, da kotun ma'aikata, ko akwai ƙara.

Duk abin da aka gano mai adadi, kamar miliyan 20 ɗin fansho, a rage shi daga farashi ko mai sayarwa ya biya kafin a rufe ciniki. Wanda ake zargi amma ba a san girmansa ba, ya rubuta a yarjejeniya cewa duk bashin da ya samo asali kafin ranar ciniki shi zai biya. Alƙawarin takarda kaɗai ba ya isa idan ya riga ya raba kuɗin, saboda haka ka riƙe wani kaso, a ce miliyan 50, a asusun da ba ya motsi sai da sa hannunku biyu, na tsawon shekara ɗaya ko biyu. Idan cinikin kamfanin na shekara ya kai miliyan 500, ko naku a haɗe ya kai biliyan 1, sai an sanar da FCCPC, hukumar kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, ta amince tukuna.

In ya hana akantanka ganin bayanan asusun banki, ko ya ƙi yarda a riƙe ko sisi, ka koma kan tayinka na farko na fili da injina, ka ɗauki wahalar neman amincewar gwamna da sabuwar rajistar NAFDAC. Ko a nan ɗin ma sai an warware jinginar da ke kan filin kafin ka biya.